Ƙidayar kaya kaɗan-kaɗan maimakon ta ƙarshen shekara

Kamfanoni da yawa kan rufe sito kwana biyu ko uku a ƙarshen shekara don ƙirga kaya. Motoci na jira, ma'aikata sun gaji, kuma idan aka tarar da giɓin katan arba'in na madara, wa zai tuna watan da suka ɓace?

Shi ya sa mai kula da sito kan rubuta wa shugabanni shawarar a riƙa ƙirga wani ɓangare kowace safiya, kafin a fara lodi. Misali sito mai kaya iri 1,000. Iri 100 mafi tsada da saurin fita a ƙirga su duk wata, 300 duk bayan wata uku, ragowar 600 sau ɗaya a shekara. Jimla ƙidaya 3,000 ke nan, wato iri 12 kacal a rana idan ranakun aiki 250 ne. Giɓi a madara zai fito cikin wata guda, alhali takardun fitar da kaya suna kusa, direban da ya ɗauka ma yana nan.

Sai dai akwai sharaɗi. Kada mai ƙirga ya ga adadin da ke littafi, domin ido kan bi abin da ya karanta. Kayan da aka sauke ba a shigar ba kuwa sukan jawo bambancin ƙarya. Sannan sai masu binciken kuɗi sun gamsu da tsarin kafin a soke babbar ƙidayar, don haka shawara mai ma'ana kan nemi a gudanar da su tare a shekarar farko.