Rubutun Ƙasan Hoton Biki: Inda Zolayar Ɗan'uwa Ke Tsayawa

Da an shafa fatiha, maroƙi ya sanar da cewa aure ya ɗauru, kafin a gama rabon goro da alawa hotuna sun fara zagaye wayoyi. Ƙawayen amarya za su saka nasu, abokan ango su saka nasu, kowa da "Allah ya sanya alheri". Amma rubutun da mutane ke tsayawa su karanta a tsanake shi ne wanda ɗan'uwa ko 'yar'uwa na ciki ɗaya ya yi a ƙasan hoton. Dalilin a fili yake: shi ne ya ci tuwo a kwano ɗaya da mai auren, ya san abin da wani bai sani ba. Wannan sanin shi ke sa rubutun daɗi, kuma shi ke iya ɓata shi.

Bahaushe bai bar wasa kara zube ba, ya tsara wanda zai yi da wa. Akwai wasan taubasai, akwai na kakanni da jikoki, akwai na Fulani da Barebari. A cikin aure kuwa, ƙannen miji suna wasa da matar yayansu, har su kira ta "matarmu", haka ƙannen mata suna tsokanar mijin yayarsu. Yayyen miji ko na mata kuwa matsayin surukai suke da shi, tsakaninsu da baƙon da ya shigo dangi sai kunya da girmamawa. Tsakanin wa da ƙani ma ba wasan al'ada ba ne, akwai girma a tsakani, ko da a cikin gida ana taɓa raha. Wanda zai rubuta zolaya a ƙasan hoto, ya fara tambayar kansa: ni wane ne a wannan auren? Ƙanin amarya yana da damar jan ango da wasa. Babban yayanta, wanda wataƙila yana zaune kusa da waliyyi lokacin da aka karɓi sadaki, ba shi da wannan damar, kuma in ya gwada, za a ga ya zubar da girma.

Bari mu ɗauki misalin saurayin da za a kai yayarsa ɗakin miji. Abin da ya fara zuwa masa shi ne:

"Yau dai mun rabu da ƙaya! Ango, Allah ya ba ka haƙuri, tuwonta gudaji ne, kuma sai hantsi ya dubi ludayi take tashi. A ƙarshe dai an samu mai ɗauka."

A tsakar gidansu wannan magana dariya za ta jawo, ita kanta yayar za ta bi shi da muciya. To amma hoto ba ya tsayawa a tsakar gida. Ƙannen ango za su gani, wata za ta miƙa wa uwar miji wayar, in akwai uwargida a gidan ita ma labari zai kai mata. Amarya za ta shiga cikin mutanen da ba su san ta ba tukuna, ga shi ɗan'uwanta ya riga ta isa da shaidar cewa ba ta iya girki ba kuma malalaciya ce. Ranar da tuwo ya ɗan yi ruwa, da bakinsa za a yi mata gori. Jimlar ƙarshe ta fi sauran muni, domin ta taɓa jinkirin aure. Macen da ta sha tambayar "yaushe za mu sha biki?" a kowane suna da kowace sallah ba za ta ji wannan a matsayin wasa ba, ko da ta yi murmushi. Kada kuma ya ce ai a WhatsApp ya saka, bayan awa 24 zai ɓace. Ɗaukar hoton fuskar waya ba ya cin daƙiƙa biyu.

Ga yadda rubutun ya koma bayan ya sake tunani:

"Yaya, yau za a kai ki. Ke kika goya ni, ke kike buɗe mini ƙofa a hankali in na kai dare don kada Baba ya ji. Cajarki da na ara tun bara na riƙe, ki bar mini ita ladan ɗaukar kujerun biki. Ango, ka ɗauke mana mai raba nama da adalci, muna jiran diyya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kaɗe fitina, ya kawo zuriya ɗayyiba."

A lura da inda dariyar ta faɗa. Mai laifin dawowa da dare shi ne, mai riƙe caja shi ne, ita kuwa kowace jimla ta fito da ita a matsayin mai tausayi da rufin asiri. Tsokanar da ya yi wa ango tana cikin haƙƙinsa na ƙanin mata, kuma ko ita yabon yayarsa ce: rashinta asara ne a gidan. Uwar miji in ta karanta wannan, daɗi za ta ji cewa ɗanta ya yi dace. Ni a ganina abin da ya fi komai aiki a rubutun shi ne ƙofar nan da ake buɗewa a hankali. "Ina son ki, 'yar'uwata ta kaina" kowa zai iya rubutawa, har wanda ya san ta jiya. Maganar ƙofar kuwa mutum ɗaya ne a duniya zai iya faɗin ta, kuma ita ce za ta sa amarya hawaye.

Zolaya ɗaya ko biyu sun isa. Kamar gishiri take a miya, in ta yi yawa ba a jin ɗanɗanon komai sai ita. A kuma kula da abin da aka fara da shi, domin Instagram da Facebook sukan nuna farkon dogon rubutu ne kawai su naɗe sauran, kuma ba kowa ke buɗewa ba. In zolaya ce a sama, addu'a a can ƙasa, wasu zolayar kaɗai za su gani.

Babban wa da ke aurar da ƙanwarsa, tasa rahar ta tsaya a kansa: ya ce shi da ya yi alƙawarin ba zai yi kuka ba, ga shi yana ta laluben hankici. Ƙanwar ango kuma tana iya yi wa "matarmu" maraba, ta ce daga yau ta sauke wankin kayan Yaya da gugarsu. Amma ta kiyaye kalmomi irin su "kin ƙwace mana shi", domin tsakanin dangin miji da amarya irin wannan magana kan zauna a rai, ta fito bayan shekaru.

Akwai abubuwan da ba su shiga wasa ko daga bakin wa: tsoffin samari ko 'yan mata, yawan sadaki da akwatunan lefe, ƙiba ko rama, auren da ya mutu a baya, da wanda ya biya kuɗin kayan ɗaki. Haka kuma ba a riga iyaye sanarwa, a jira sai an ɗaura. Hoton kansa ma a nemi izini, don akwai gidajen da ba sa son fuskar amarya ta yi yawo, akwai kuma angon da ba ya so.

Kafin ka tura, karanta rubutun da ƙarfi kamar surukan ɗan'uwanka na zaune a gabanka. Duk jimlar da ta sa ka rage murya, goge ta. Sannan ka nuna wa mai auren, ko da tana tsakiyar ƙunshi ne, ta ce maka ta yarda.