Layi ya katse ana tsakiyar tambaya: saƙon da mai neman aiki zai tura

'Yar yayata ta nemi aikin kula da sito a wata ƙungiyar agaji da ke da ofis a Maiduguri, ita kuwa tana zaune a Gashuwa. Aka sa mata ranar Talata ƙarfe goma na safe don intabiyu ta waya, wadda yawanci ita ce rariyar farko kafin a gayyaci mutum ya zo ido da ido. Mutum uku ne a ɗaya ɓangaren. Ta amsa tambayoyi biyu lafiya lau. Ana cikin ta uku, shugabar kwamitin ta ce, "Ba mu labarin wani lokaci da kika ƙirga kayan sito, kika ga adadin bai yi daidai da…" sai ɗif. Ta yi ta halo, halo, babu amsa. Da ta duba fuskar wayar, kiran ya riga ya mutu a minti na goma sha ɗaya.

Ta kira ni da ɗaya layinta muryarta na rawa: "Kawu, in rubuta musu amsar ne in tura? Ai na gane inda tambayar ta dosa." Na ce mata a'a.

Katsewar kira ba baƙon abu ba ne a wurin duk wanda ke ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Waya tana magana ne da turken sabis mafi kusa da ita, kuma turakun da yawa da janareta suke aiki. In man ya ƙare, ko masu aikin titi suka datse wayar da aka binne, ko kuma mai magana yana cikin mota wayarsa ta kasa sauyawa daga wannan turke zuwa na gaba, kira sai ya faɗi. A watan Maris na 2024 ma wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo intanet Afirka ta Yamma suka samu matsala, ƙasashe da dama suka kwana cikin wahalar sadarwa. Masu kwamitin sun san duk wannan, su ma yana faruwa da su. Ba za su rage wa mutum maki don layi ya katse ba. Abin da suke lura da shi shi ne yadda ya yi bayan nan.

Mintuna biyu ko uku na farko na jira ne. Wanda ya kira shi ya fi dacewa ya sake kira, kuma in kowa ya danna lambar ɗan'uwansa a lokaci guda, dukansu za su ji ana cewa layin na kan aiki. A cikin wannan jiran sai mutum ya duba cajinsa da sandunan sabis, ya fito tsakar gida in a ɗaki yake. In shiru ta ci gaba, ya kira sau ɗaya, kira na gaske. Filashin ba ya cikin lissafi a nan, haka ma kira bakwai a jere, domin wataƙila kwamitin ya riga ya shiga magana da mai neman aiki na gaba kuma wayar tana ta ƙara a kan teburinsu.

Ita ta kira, ba a ɗauka ba. Daga nan ne saƙo ya zama dole. Mun fara da gajeren tes zuwa lambar da ta kira ta. Da Turanci ta rubuta, tunda da shi ake intabiyun, amma ga ma'anarsa: "Barka da hantsi. Ni ce mai neman aikin kula da sito ta ƙarfe goma. Kira ya katse a tambaya ta uku. Ina kan layi, ko a same ni a ɗaya lambata." Ta sa sunanta da lambar. Gajarta tana da dalili: saƙon tes guda haruffa 160 yake ɗauka, kuma in an sa masa haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ, sai ya koma 70 ya rabu gida-gida, wanda a rana mai raunin sabis zai iya isa rabi da rabi.

Tes kaɗai bai wadatar ba, don sau da yawa lambar ofis ce da ba ta karɓar saƙo, ko wayar wani ma'aikaci da aka ara. Cikin awa guda ta buɗe imel ɗin da aka gayyace ta da shi, ta amsa a kansa kai tsaye, domin jami'in ɗaukar ma'aikata ya ga sunan gurbin da lokacin ba sai ya yi bincike ba. Ta rubuta:

"Ranki ya daɗe, na gode da lokacin da kuka ba ni yau. Kiranmu ya katse da misalin ƙarfe 10:11, lokacin da kike karanta tambaya ta uku. Na ji farkonta, game da ƙirga kayan sito, amma ban ji ƙarshenta ba. Na kira sau ɗaya ban samu ba. Zan so mu ƙarasa a duk lokacin da ya yi muku. Ina nan yau har ƙarfe huɗu, gobe kuma daga tara zuwa sha biyu. Ga lambata ta biyu, ta wani kamfanin waya daban ce."

Jimlar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce "ban ji ƙarshenta ba". Ƙungiyoyi da ma'aikatu da yawa suna yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti da takardar da yake sa maki a gaban kowace tambaya. In mutum bai faɗi daidai inda aka tsaya ba, wani a cikinsu zai iya ɗauka an yi tambayar ya yi shiru, ko kuma shi ya kashe wayar don ta yi masa tsauri. Faɗin minti da lambar tambaya yana kawar da wannan zato, ya kuma nuna musu gurbin da ke jiran cikewa a takardarsu.

Shi ya sa na hana ta tura amsa. Rabin tambaya ta ji. "Bai yi daidai da…" da me? Da littafin sito? Da takardar da direba ya kawo kayan da ita? Waɗannan matsaloli biyu ne daban: ta farko kuskure ne ko ɓata a cikin gida, ta biyu kuwa tsakanin ofis ne da mai kawo kaya, kuma matakan da ake ɗauka ba ɗaya ba ne. Wanda ya amsa abin da ba a tambaye shi ba ya nuna musu halin da ba a so a wurin mai sito, wato cike gurbi da zato. Ban da haka, amsar da aka zauna aka tsara ta awa guda ba a iya auna ta da ta sauran da suka amsa nan take. Kwamitin kirki ba zai ba ta maki ba, kuma yana iya sauya tambayar baki ɗaya in an dawo.

Akwai kuma abin da ta so ta saka na ce ta cire: layi uku na ban haƙuri, da bayanin yadda sabis ɗin garinsu yake da labarin rashin wuta tun jiya. Ba ta san ma ko daga ɓangarenta matsalar take ba. Ɗora laifi a kan kai ko a kansu duk ba shi da amfani. Lamba ta biyu da lokuta biyu sun fi shafi guda na neman afuwa.

Da ba su amsa ba, da ta bar kwana biyu na aiki su wuce, ta tura tuni guda a kan imel ɗin nan, ta tsaya haka. Ba a kai ga hakan ba. Da ƙarfe uku da rabi suka kira ta a layi na biyu. Shugabar ta karanta tambayar daga farko, ashe ƙarshenta "takardar da direba ya kawo" ne, ba littafin sito ba, wanda a kansa ta yi niyyar rubuta amsarta.