Takardar Barka da Sallah ga Ma'aikata: Yadda Ake Ambaton Goron Sallah

Da azumi ya shiga goman ƙarshe, hankalin ma'aikaci yakan koma kan ɗinkin yara, da zakkar fidda kai, da cefanen ranar Sallah. A lokacin ne masu shaguna da makarantu masu zaman kansu da ƙananan masana'antu ke ba ma'aikatansu goron Sallah. Wasu sukan haɗa da 'yar takardar godiya, kuma yadda aka rubuta takardar nan yana iya ƙara wa kyautar daraja ko ya zubar da ita.

A ɗauki gidan burodi mai ma'aikata goma sha biyu, daga masu kwaɓi da masu gashi har direba da maigadi. Mai gidan ya ware wa kowa naira dubu goma. Ga irin takardar da ta dace:

"Assalamu alaikum. Ina yi muku barka da shan ruwa, da fatan Allah Ya karɓi ibadunmu. Na ga yadda masu gashi suka jure zafin tanda da azumi a baki, na kuma ga yadda kuka riƙa kai burodi shaguna kafin a sha ruwa, ba a taɓa makara ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ga ɗan goron Sallah nan a ambulan ɗin kowa, a saya wa yara alewa. Kyauta ce, ba ta cikin albashi, ba kuma za a cire ta daga na wata mai zuwa ba. Za mu rufe ranar Sallah da washegari. A gaishe min da iyali. Allah Ya maimaita mana."

Godiya ce ta zo farko, kuma ita ta ɗauki mafi yawan takardar. Mai gidan bai tsaya a kan cewa ya gode da ƙoƙarinsu ba, ya ambaci zafin tanda da kai kaya a kan lokaci. Mai gashi da ya karanta wannan zai san cewa maigidansa ya ga wahalar da ya sha. In da kuɗin aka fara, godiyar za ta zama kamar rakiya kawai.

Maganar kuɗin kuwa jimla biyu ce. Ta farko ta bi al'adarmu ta ƙanƙan da kyauta, yadda mai bayarwa kan ce "ga wannan, ba yawa". Sau ɗaya ya isa. Idan aka shiga ba da haƙuri, ana kukan tsadar fulawa da rashin ciniki, sai ma'aikaci ya ji kamar ya ƙwaci kuɗin ne. Idan kuma aka yi ta kururuta ta, ta zama gori, wanda aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa yana ɓata sadaka.

Jimla ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa. A wurare da yawa akan biya albashi da wuri saboda Sallah, ko a ba da wani abu a ciki a cire daga baya. Ma'aikacin da bai san wanne aka yi masa ba zai ji nauyin tambaya, ya kashe kuɗin zuciyarsa na ɗar-ɗar. Saboda haka kunya ba ta hana a faɗa ƙarara cewa kyauta ce. In ta banki za a tura, a tura ta daban da albashi, a rubuta "goron Sallah" a wurin bayani.

Ba a rubuta adadin kuɗin a takardar da kowa zai gani ba, kuma hakan ya fi zama dole idan na wani ya fi na wani. Kowa ya ga nasa a ambulansa. Amma kada a tsallake kowa: mai shara, da sabon yaro, da abokin aiki Kirista, duk an yi aikin watan da su. Wanda ba ya karanta boko a karanta masa, ko maigida ya faɗa masa da bakinsa.

Kada a cusa jan kunne a ciki. Maganar masu makara da kayan da suka ɓace tana da ranarta bayan Sallah. Haka nan kada a yi alkawarin na baɗi, domin in an kasa cikawa, na bana ma ya zama abin ƙorafi.

Lokaci ma yana da hukuncinsa. A ƙaramar Sallah, a ba da takardar da kuɗin aƙalla mako guda kafin ganin wata, tun tela bai daina karɓar ɗinki ba. A babbar Sallah kuma, farkon Zulhajji ya fi, don masu zuwa garinsu su sami kuɗin mota. Goron da ya iso da jajibere da dare, bayan ma'aikaci ya riga ya ci bashi, wurin mai bin bashin zai tafi.