Yadda Ake Raba Cikakken Suna Gida Biyu a Excel

Duk magatakardan da ya taɓa riƙe rajistar makaranta ya san wannan aikin. An shigar da sunayen ɗalibai ɗari uku a Excel, kowane cikakken suna cikin gida ɗaya, sai ga sabon fom yana neman sunan yanka daban, sunan mahaifi daban. Wasu kan zauna su sake bugawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar, alhali fomula biyu sun isa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kwamfuta ba ta san suna ba. Haruffa kawai take ƙirgawa, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu ita ma harafi ce a wurinta. A kan wannan tazara aikin duka ya rataya.

Mu ce an rubuta Amina Bello a gidan A2. Aikin FIND shi ne ya nemo abu ya faɗi matsayinsa. Amina haruffa 5 ne, don haka idan aka aike shi neman tazara, zai dawo da 6. Shi kuwa LEFT yana yanko haruffa daga farkon rubutu, gwargwadon adadin da aka ce masa. Ba ma son tazarar ta biyo sunan, sai mu rage ɗaya. A gidan B2 sai a rubuta:

```
=LEFT(A2,FIND(" ",A2)-1)
```

Shida a cire ɗaya saura biyar, sai Amina ta fito. A kula, tsakanin alamomin zancen nan biyu akwai tazara guda, ita ce abin da ake nema.

MID kuma daga tsakiya yake yanka, kuma abu uku yake tambaya: wane rubutu, daga ina zan fara, haruffa nawa zan ɗauka? Bello ya fara ne a matsayi na 7, wato tazara a ƙara ɗaya. A gidan C2:

```
=MID(A2,FIND(" ",A2)+1,LEN(A2))
```

LEN yana ƙirga tsawon rubutun duka, a nan 11. Ya zarce abin da ya rage, amma ba laifi, MID zai kwashi abin da ya samu ya tsaya. Daga nan sai a kama ɗan ɗigon da ke kusurwar gidan a ja ƙasa, sauran sunayen su bi sahu.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Idan suna ɗaya tilo aka rubuta, kamar Hadiza, FIND ba zai sami tazara ba, sai gidan ya nuna #VALUE!. Maganinsa shi ne a liƙa wa sunan tazara a ƙarshe lokacin nema:

```
=LEFT(A2,FIND(" ",A2&" ")-1)
```

Idan aka yi wa fomular MID irin wannan gyara, gidan sunan mahaifi zai fito wayam.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda ba ya ihu. In mai bugawa ya saka tazara kafin suna, FIND zai dawo da 1, LEFT ya yanko babu, cikakken sunan kuma ya zube a gidan mahaifi. In tazara biyu ce a tsakiya, Bello zai fito da ɓoyayyiyar tazara a gabansa, wadda za ta hana shi dacewa da wani Bello ranar da aka zo kwatanta rajista biyu. Shi ya sa ake fara wanke sunayen da =TRIM(A2) a wani layin daban, sannan a ɗora fomulolin a kan wankakken.

Akwai kuma yanayin sunayenmu. Sani Musa Gaya zai rabu ya zama Sani a gida ɗaya, Musa Gaya a ɗayan, domin FIND a tazarar farko yake tsayawa. Wanda aka rubuta wa Alhaji ko Hajiya a gaba, laƙabin ne zai zama sunansa. Abdul Aziz da aka raba biyu zai wayi gari ɗan Aziz. Haka nan rajistar da ta fara da sunan mahaifi za ta fito a juye. Waɗannan sai idon mutum, don haka a bi layin a duba kafin a miƙa.

Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar a ofisoshin Maraɗi da Damagaram, za su ga sunayen sun zama GAUCHE, TROUVE da STXT, kuma galibi alamar ; ce ke maye gurbin waƙafi.

Kafin a goge layin A, a tuna cewa B da C daga gare shi suke sha. A kwafe su, a liƙa ta Paste Special a zaɓi Values, su zama rubutu tsayayye. Wanda ya yi gaggawar gogewa, #REF! zai tarar daga sama har ƙasa, sai dai Ctrl+Z ya cece shi.