Daga Rano Zuwa Kibiya: Ina Malam Ya Tsaya?

Yau shirin namu na wasa ƙwaƙwalwa ne, sai a matso kusa da rediyo, mai takarda da biro ya ɗauko.

A ce wani mai babur ne ya tashi daga kasuwar Rano ya miƙi gabas, wajen Kibiya, ya yi kilomita 10. Ya karya dama ya yi 9, ya sake karyawa dama ya yi 2, ya kuma karyawa dama ya yi 3, ya kashe babur. To, in an ja layi ɗoɗar daga kasuwar zuwa inda yake, kilomita nawa ne?

Mai gaggawa zai ce 24. Wannan tafiyar da babur ya sha ce, ba ita aka tambaya ba.

Mu fara da kwanonin, don nan aka fi zamewa. Dama da hagu ba su da mazauni, suna bin inda mutum ya sa gaba. Wanda ya fuskanci gabas, kudu ce damarsa. Da ya juya kudu, damarsa ta koma yamma. Ya fuskanci yamma kuwa, arewa ce. Ke nan duk karyawa dama taki ɗaya ne a wannan jeri: gabas, kudu, yamma, arewa. Hagu kuma baya take komawa. Shi ya sa nake ganin gara a rubuta sunan shiyya bayan kowace kwana, kada a dogara da ka.

Malaminmu ya yi gabas 10, kudu 9, yamma 2, arewa 3. Yamma tana cin gabas, saura 8. Arewa tana cin kudu, saura 6.

Yanzu sai ƙa'idar Fitagoras da ake koyarwa a ƙaramar sakandare. Takwas sau takwas, 64. Shida sau shida, 36. A haɗa, 100. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 100? Goma. Yana kilomita 10 daga kasuwar, kudu maso gabas. Magina ma da wannan lissafin suke daidaita kusurwar harsashi: uku, huɗu, biyar.

Ga yadda za a gane an kauce: dole amsar ta fi 8, kuma ba za ta kai 14 ba. Sai dai fa lissafin yana aiki ne in kowace kwana cikakkiyar kusurwa ce kamar ta ɗaki. Hanyoyin karkara kuwa lanƙwasa suke yadda suka ga dama.

Ga naku. Wata baiwar Allah ta bar Kibiya ta yi yamma kilomita 5, ta karya hagu ta yi 12. Wace shiyya ta fuskanta, kuma nawa ne tsakaninta da Kibiya? A riƙe amsar sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.