Me ya sa waƙar da ta fi ƙara a situdiyo take yin sanyi a Spotify?

A situdiyoyin Kano da Kaduna, idan an gama haɗa waƙa, abin da mawaƙi ya fi roƙon furodusa shi ne a ƙara mata ƙara. Yana da hujjarsa. Waƙar da ake turawa ta katin waya ko ake sakawa a sifikar biki, wadda ta fi ƙara ita ke danne sauran. Amma a Spotify da YouTube da Apple Music lissafin ya sauya, domin manhajojin suna auna kowace waƙa, su daidaita ƙararta da ta sauran kafin ta isa kunnen mai sauraro.

Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa LUFS. Yana auna yadda kunne ke jin ƙarfin sauti, kuma lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta waƙar gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, wadda mita ke nunawa da sunan Integrated. Lambobin suna ƙasa da sifiri ne, saboda haka -7 ta fi -14 ƙara. Spotify yana kai waƙoƙi -14, YouTube ma wajen nan, Apple Music kuwa kusan -16.

Mu ɗauki waƙa guda da aka yi wa gyaran ƙarshe sau biyu. A na farko, furodusa ya matse ta da limita, wato na'urar da ke danne ƙololuwar sauti don a samu damar ɗaga sauran, har ta kai -7 LUFS, ƙololuwarta na taɓa sifiri. A na biyu an sassauta: -12 LUFS, ƙololuwa a -2. Spotify zai rage ta farko da 7 dB, ta biyu da 2 dB kacal. Yanzu ƙararsu ɗaya, amma bugun ganga mafi ƙarfi a ta farko ya tsaya a -7, a ta biyu kuwa yana kaiwa -4. Wannan ratar ta 3 dB kunne na jin ta sarai. A ta biyu kalangu yana fitowa ras, amshi yana ɗagawa sama da baiti. A ta farko komai ya yi lebur, murya da ganga da fiyano suna turereniya. An karɓe ƙarar da aka sha wahalar nema, matsewar kuma ta zauna daram, don babu manhajar da ke warware ta.

Sai batun ƙololuwa. Mitar da ke cikin FL Studio na iya nuna sauti bai haura sifiri ba, alhali idan aka mayar da lambobin zuwa sautin da sifika ke fitarwa, igiyar sautin takan ɗan zarce wurin da aka auna. Ƙari a kan haka, manhajoji suna matse fayil zuwa Ogg Vorbis ko AAC don ya yi sauƙin saukewa, wannan juyin kuma yakan ɗaga ƙololuwa. Sakamakon shi ne ɗan tsatsa-tsatsa a kan harafin "s" da kan bugun ganga, wanda babu shi a fayil ɗin situdiyo. Shi ya sa Spotify ke ba da shawarar a bar True Peak a ƙasa da -1 dBTP, idan kuma waƙar ta fi -14 ƙara, a ƙasa da -2. A limita sai a kunna True Peak, a sa Ceiling a kan lambar.

Shin dole ne a tsaya a -14 cif? A ganina a'a. Waƙar rawa mai nauyin ganga takan so ɗan matsi, kuma za ta yi yawo a WhatsApp inda babu mai daidaita ta. Tsakanin -12 da -10 ba laifi ba ne matuƙar ganga ba ta mutu ba. Yin ƙasa sosai ma yana da illa: YouTube ba ya ɗaga waƙa mai sanyi, Spotify kuwa yana ɗagawa ne iyakar inda ƙololuwa ta ba shi dama.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A ɗora mita irin Youlean Loudness Meter bayan limita, a ƙarshen layi, a bar waƙar ta taka har ƙarshe. Sannan a rage wadda aka matse har ƙararta ta yi daidai da ta asali, a saurare su bi da bi, domin kunne yakan zaɓi mai ƙara ko da ta fi muni. Idan ta asali ta fi rai, an wuce gona da iri, sai a sassauta limita. A fitar da fayil a WAV, kada a tura MP3. Bayan an ɗora a YouTube, a buɗe Stats for nerds a duba yawan ƙarar da aka zaftare wa waƙar.