Uwargida, Bashin Gida Nawa Albashinki Zai Iya Ɗauka?

Uwargida, kafin ki je ganin gidan da dillali yake ta yabo, zauna da biro da takarda tukuna. Banki ba ya duba kyan gida, abin da za ki iya biya a wata yake dubawa, daga nan ya yanke yawan bashin da zai ba ki.

A ce albashinki Naira dubu 300 ne a wata, bayan an cire haraji da kuɗin fansho. Masu ba da lamunin gida sukan so kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku, wato Naira dubu 100 ke nan. Idan akwai bashin ƙungiya da ake cira a albashinki, ki fara ɗebe shi. A ganina, mai 'ya'ya a makarantar kuɗi gara ta tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu.

To, ga inda ake ruɗewa. Shekara 20 wata 240 ne, sai mace ta ninka dubu 100 sau 240, ta ga miliyan 24, ta ɗauka bashinta ke nan. Ina! Wannan jimlar abin da za ki biya ce, har da kuɗin ruwa. Ainihin bashin ga yadda ake fitar da shi:

L = P × (1 − (1 + r)^−n) ÷ r

L shi ne bashin, P biyan wata, n yawan watanni, r kuwa ruwan wata guda. Ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, in an raba shi gida 12, ya zama 0.005.

Kashi 6 ɗin shi ne ruwan Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. A kan wannan ruwa, dubu 100 ɗinki za ta ɗauki bashin kusan miliyan 9 a shekara 10, kusan miliyan 14 a shekara 20, miliyan 16.7 a shekara 30. Sai dai fa idan saura shekara 10 ki yi ritaya, ki yi lissafi da 10 ɗin.

Yanzu a ce wani banki ya ce ruwansa kashi 24 ne, wato kashi 2 a wata. Dubu 100 ɗin nan dai, a shekara 20, ba za ta kai miliyan 5 cif ba. Ki ƙara shekara 10, abin da zai ƙaru bai kai Naira dubu 40 ba. Dalili kuwa, ruwan miliyan 5 a wata guda shi kansa dubu 100 ne, ba abin da ya rage na rage uwar kuɗi. Saboda haka in ma'aikacin banki ya ce zai tsawaita miki wa'adi don bashin ya ƙaru, fara tambayarsa ruwan nawa ne.

Abin da lissafin ya ba ki kuma ba shi ne farashin gida ba. Ki haɗa shi da kuɗin da kika tara, sannan ki cire ladan dillali, da kuɗin lauya, da na takardun mallaka. Abin da ya saura shi za ki taya gida da shi.